Hasashen Farashin Masara: Yadda Cakuɗa Watanni Ke Ɓata Gwaji

Duk mai gonar kaji da ke sayen masara buhu-buhu ya san tambayar da ke tasowa da zarar kaka ta fara ja da baya: a cika sito yanzu, ko a jira? Idan farashi zai hau nan da wata uku, wanda ya saya yau ya ci riba. Idan zai sauka, ya ɗaure kuɗinsa a banza, ga kuma gwano na jiran hatsin. A 'yan shekarun nan matasa masu nazarin alƙaluma sun fara gina tsare-tsaren hasashe a kwamfuta don amsa irin wannan tambaya. Sai su tara farashin shekaru, su koyar da tsarin, su gwada shi, su fito da sakamako mai daɗin ji, cewa kuskurensa bai wuce 'yan ɗaruruwan naira a buhu ba. Kafin mai kaji ya zuba jarinsa a kan wannan magana, akwai tambaya guda da ya kamata ya yi: waɗanne watanni aka ɓoye wa tsarin lokacin gwaji, kuma ta yaya aka zaɓe su? Amsar ita ce za ta nuna ko alƙalamin da aka ba shi na gaskiya ne.

Gwajin kowane tsarin hasashe yana tafiya ne a kan ƙa'ida ɗaya. Ana raba bayanan da ke hannu gida biyu. Kashi na farko, wanda ya fi yawa, shi ake ba tsarin ya koya daga gare shi. Kashi na biyu ana ɓoye shi, sai an gama koyarwa a ce tsarin ya faɗi abin da ke ciki, a auna tazarar da ke tsakanin abin da ya faɗa da abin da ya faru. Rabon da aka fi yi shi ne kashi 80 cikin 100 na koyarwa, 20 na gwaji. A yawancin ayyuka kuma, kafin a raba, ana cakuɗa bayanan a zaɓi na gwaji ta hanyar ƙuri'a. Wannan ba laifi ba ne idan bayanan ba su da alaƙa da juna. Wanda ke koya wa kwamfuta bambance hoton ganyen masara mai ciwo da lafiyayye, daga gonaki daban-daban, cakuɗawa taimakonsa take yi, domin tana hana kashin gwaji zama na iri ɗaya kaɗai. Saboda haka ne shahararren kundin scikit-learn, wanda ɗalibai da yawa ke fara koyo da shi, ya sa umarninsa na `train_test_split` yana cakuɗa bayanai da kansa, sai fa idan an ce masa kada ya yi. Ɗalibin da ya kwafi layin daga darasin hotuna ya kawo shi kan farashin masara ya cakuɗa watanninsa ba tare da ya sani ba.

Farashi kuwa jeri ne da ke bin lokaci. Na watan Yuni ɗan na Mayu ne, shi kuma ya haifi na Yuli. A nan matsalar take.

Wata a tsakanin maƙwabta

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce muna da farashin buhun masara a kasuwar Dawanau ta Kano, wata-wata, daga Janairun 2014 zuwa Disambar 2023. Shekara goma ke nan, wata 120. Irin waɗannan bayanai akwai su, domin hukumomi kamar FEWS NET da Shirin Abinci na Duniya suna bibiyar farashin hatsi a manyan kasuwannin yankin. Abin da mai kaji ke so shi ne a gaya masa farashin wata uku masu zuwa.

Idan aka cakuɗa aka cire kashi 20 cikin 100, wata 24 ne za su faɗa gwaji, warwatse a cikin shekarun goma: wannan daga 2015, wancan daga 2021, wani daga tsakiyar 2023. Sauran 96 suna hannun tsarin. Yanzu a dubi kowane wata da aka ɓoye, a tambaya: ina maƙwabtansa, na gabansa da na bayansa? Lissafin ƙuri'a mai sauƙi ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na watannin gwaji, duka maƙwabtansu biyu suna cikin kashin koyarwa. Waɗanda aƙalla maƙwabci ɗaya ke hannun tsarin kuwa sun kai kimanin 96 cikin 100. Wato da wuya a samu watan da aka ɓoye da gaske.

Ga yadda abin yake kusa da ido, da alƙaluman da na ƙirƙira don misali kawai. Afrilu naira 20,000, Mayu 21,000, Yuni an rufe, Yuli 24,000, Agusta 25,000. Ko yaron da ke ɗinkin buhu a bakin sito ka nuna wa wannan jeri, zai ce maka Yuni bai wuce 22,500 ba, kuma zai yi kusa. Bai san komai game da damina ko kuɗin mota ba. Ya ga inda aka fito ne, ya ga inda aka dosa, ya sa yatsa a tsakiya. To amma ka tsayar da shi a ƙarshen Maris, babu abin da ke gabansa sai watannin da suka wuce, ka ce ya faɗi na Yuni. Nan za ka ga ya sosa ƙeya. Aikin farko cike giɓi ne, na biyu shi ne hasashe, kuma shi mai kaji yake biyan kuɗi a kai. Gwajin da aka cakuɗa yana auna aikin farko, sannan a rubuta sakamakon da sunan na biyu. Satar amsa ce ba da niyya ba: ɗalibin bai ga amsar tambaya ta biyar ba, amma an bar masa ta huɗu da ta shida a buɗe, kuma duk ukun zance ɗaya ne.

Ana iya auna girman wannan bambanci da lissafi, kuma ya fi yadda mutane ke zato. A ce farashi yana tafiya ne irin ta wanda bai san inda ya nufa ba, kowane wata ya motsa sama ko ƙasa da kimanin naira 1,000, motsin wannan wata kuma bai dogara da na wancan ba. Farashin kasuwa da yawa suna kama da haka idan aka cire tasirin kaka da damina. A irin wannan jeri, wanda ya san maƙwabta biyu ya raba tsakani, kuskurensa na yau da kullum zai zama kimanin 700. Wanda ya san watan da ya wuce kaɗai yana hasashen na gaba, kuskurensa 1,000 ne, kuma babu dabarar da za ta rage shi. Wanda zai hango wata uku, nasa kimanin 1,730 ne, domin rashin tabbas na kowane wata yana taruwa kan na ɗan'uwansa. Na shekara guda kuwa ya doshi 3,500. Saboda haka rahoton da ya ce 700, alhali aikin na wata uku ne, ya rage kuskuren gaskiya da kusan ninki biyu da rabi. Kuma a lura, a cikin wannan misali babu wani abin koyo a jerin kwata-kwata. Tsarin da bai gano komai ba zai fito kamar gwani.

Mai karatu zai iya cewa, ai tsarin ba ya duba kalanda ya nemi maƙwabci. Gaskiya ne, amma yana isa wurin ta wata hanya. Abubuwan da ake ba shi don ya yi hasashe, kamar farashin watannin baya, da canjin dala, da kuɗin dizal, duk a hankali suke sauyawa. Layin Yunin 2021 ya yi kama da na Mayu da na Yulin 2021 fiye da kowane layi a cikin kundin. Tsare-tsare masu ƙarfin haddacewa, musamman waɗanda aka gina bisa bishiyoyin yanke hukunci kamar `RandomForestRegressor`, aikinsu ke nan: su nemo layukan da suka yi kama da wanda aka tambaye su, su ba da matsakaicin amsoshinsu. Canjin dala kaɗai ya isa ya gaya wa tsarin ko wace shekara ake ciki. Yayin da tsari ya fi iya haddacewa, haka gwajin da aka cakuɗa zai fi yaba masa, kuma wannan ne ya sa abin ke da haɗari: ba kuskuren kawai yake ragewa ba, yana sa a zaɓi tsarin da bai dace ba, a ajiye mai sauƙin da zai fi aiki a kasuwa.

Shekarar da ba ta da irinta a baya

Akwai ɓarna ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muni. Kasuwa tana canza hali. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020, a tsakani kuma ga kullen korona. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki darajar naira, ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa kuɗin dakon hatsi ko hanyar da yake bi, kuma a rabin ƙarshe na 2023 masara ta kai farashin da ba a saba gani ba.

Tsarin da aka koyar har zuwa Disambar 2022 bai san da wannan duniya ba. Idan na bishiyoyi ne kuma farashin kansa aka ce ya faɗa, to ba zai iya ambaton adadin da ya zarce mafi tsadar da ya taɓa gani ba, domin amsarsa matsakaicin tsofaffin amsoshi ce. Farashi zai yi ta hawa, shi kuwa yana maƙale a rufinsa, kuskure yana ƙaruwa wata bayan wata. Wannan rauni ne na gaske, kuma mai kaji yana da haƙƙin sanin sa tun kafin ya dogara da tsarin. Amma idan aka cakuɗa, daga cikin watanni 12 na 2023 tara ko goma za su shiga koyarwa. Tsarin ya ga sabon farashin, ya haddace shi, sauran biyu ko ukun da aka tambaye shi ya amsa su cikin sauƙi. An binne raunin, ba wanda ya gani.

Yadda ake rabawa

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ko ba kwamfuta ana iya riƙe ta: a kowane gwaji, a tsaya a wata rana, kada a bar tsarin ya taɓa komai da ba a sani ba a wannan ranar. Mafi sauƙin aiwatar da ita shi ne a yanka jerin sau ɗaya, a koyar da 2014 zuwa 2021, a gwada da 2022 da 2023. Wannan ya fi cakuɗawa nesa ba kusa ba, sai dai hukuncinsa ya rataya a kan shekaru biyu kacal, ɗaya daga cikinsu kuma shekara ce ta daban. Da an yanka a wani wurin, da labarin ya canza.

Shi ya sa masu aikin suka fi son a maimaita yankan, ana matsar da wurin tsayawa gaba. A misalinmu, zagaye na farko a koyar da abin da ya gabaci 2020, a gwada da 2020. Na biyu a ƙara 2020 cikin koyarwa, a gwada da 2021. Haka har zuwa 2023. An samu gwaji huɗu ke nan, wata 48, kowanne yana kwaikwayon abin da zai faru da a ce ana amfani da tsarin a lokacin, ana sabunta shi sau ɗaya a shekara. Idan a zahiri duk wata za a riƙa sabunta shi, to gwajin ma sai ya riƙa matsawa wata-wata. A scikit-learn haka ake rubutawa, bayan an jera layukan daga tsoho zuwa sabo:

```python
from sklearn.model_selection import TimeSeriesSplit

tscv = TimeSeriesSplit(n_splits=4, test_size=12, gap=2)
for train, test in tscv.split(X):
    model.fit(X[train], y[train])
    pred = model.predict(X[test])
```

Abin da ya fi cancantar a dakata a kansa a nan shi ne `gap=2`, tazarar da ake bari tsakanin koyarwa da gwaji, domin nan ne ko waɗanda suka guje wa cakuɗawa suke tuntuɓe. Watan farko na gwaji shi ne Janairun 2020. Tun da hasashen na wata uku ne, mai yin sa yana tsaye ne a ƙarshen Oktoban 2019. A wannan ranar bai san farashin Nuwamba ba, bai san na Disamba ba. Idan aka bar layukan waɗannan watanni biyu cikin koyarwa, an ba tsarin amsoshin da ba su riga sun faru ba, kuma su ne mafi kusa da abin da ake tambayarsa. Dole a cire su. Tazarar ita ce nisan hasashe a cire ɗaya. Idan kuma rahoton farashi yana makarar wata guda kafin ya iso hannu, kamar yadda alƙaluman hukuma kan yi, to sai a ƙara: tazara ta zama uku, kuma farashi na ƙarshe da tsarin zai gani a matsayin abin dogaro shi ne na Satumba. Ranar da bayani ya iso ita ake lissafawa, ba ranar da abin ya faru ba.

Sai zaɓi tsakanin barin kashin koyarwa ya yi ta girma daga 2014, ko a riƙe shekaru biyar na baya-bayan nan kaɗai ana zubar da tsofaffi, wanda `max_train_size` ke yi. Ba a yanke wannan da baki. Idan kasuwar ta canza sosai, tsofaffin shekaru na iya ruɗar tsarin. Amma wata 60 kaka biyar ce kawai, kuma kaka biyar ba ta isa a ce an san halin kaka ba. A gwada duka biyun a kan zagayen nan huɗu, a gani.

Idan sakamako ya fito, kada a dunƙule shi adadi ɗaya. A nuna na kowace shekara daban. Tsarin da ya yi kyau a 2021 da 2022 ya faɗi warwas a 2020 da 2023 yana gaya maka cewa yana aiki ne idan ƙasa na zaune lafiya, ya kuma bar ka a ranar da ka fi bukatarsa. A kuma auna kuskuren da kashi cikin ɗari ko a kwatanta shi da wani ma'auni, domin kuskuren naira 2,000 a shekarar da buhu ke araha ba ɗaya yake da na 2,000 a shekarar tsada ba.

Ma'aunin da ya fi kowanne amfani shi ne hasashen malalaci: a ce farashin wata uku masu zuwa shi ne na yau. Ɗan'uwansa kuma a ɗauki na yau, a ƙara masa irin hawa ko saukar da aka saba gani tsakanin waɗannan watanni a shekarun baya. Duka biyun ba sa bukatar koyarwar kirki, kuma doke su da wuya yake fiye da yadda ake tsammani. Wannan darasi ne da gasannin hasashe na Spyros Makridakis suka daɗe suna nunawa, cewa hanyoyi masu sauƙi sukan yi kafaɗa da kafaɗa da masu sarƙaƙiya. Gasannin kansu ba cakuɗawa suke ba. A ta 2018, mai jeri 100,000, ƙarshen kowane jeri aka ɓoye. A ta 2020, wadda aka yi da cinikin shagunan Walmart na Amurka, kwanaki 28 na ƙarshe aka ɓoye. Tsarin da bai doke malalaci ba a gwaji na gaskiya, bai cancanci a biya kuɗinsa ba, komai kyan zanen da ya zo da shi.

Ƙananan ƙofofi

Ko an raba daidai, gobe tana iya yoyowa cikin jiya ta wajen gyaran bayanai. Wanda ya fi yawa shi ne cike gurbi. Ba a samu farashin wani wata ba, sai a cike shi da matsakaicin na gabansa da na bayansa, tun kafin a raba. Wannan adadi yana ɗauke da rabin labarin watan da bai zo ba. Gyaran shi ne a cike da farashi na ƙarshe da aka sani. Haka nan matsakaicin wata uku da ake yi don sassauta tsalle-tsallen jeri: idan an lissafa shi da wata a tsakiya, ɗaya a baya ɗaya a gaba, ya leƙa. Dole ya dubi baya kaɗai. Daidaita ma'aunin alƙaluma ma haka, idan aka yi amfani da matsakaicin shekaru goma gaba ɗaya, tsadar 2023 ta shiga lissafin 2016. A kowane zagaye, daga kashin koyarwa kaɗai ake fitar da waɗannan adadi.

Akwai kuma abubuwan da ake ba tsarin alhali ba a san su ba ranar hasashe. Yawan ruwan saman da ya sauka a watan da ake hasashe, ko canjin dalar wannan watan, ba sa hannun kowa wata uku kafin lokaci. Ranar fara azumi kuwa an san ta kusan daidai tun da wuri, tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, don haka halal ce. Gwajin kowane abu shi ne: da ina zaune a ƙarshen Oktoba, zan iya rubuta wannan adadi?

Wani tarkon yana jiran wanda ya haɗa kasuwanni da yawa don ya ƙara yawan layuka, ya zuba Dawanau da Giwa da Saminaka da Maraɗi a kundi ɗaya. Waɗannan kasuwanni motoci ɗaya ke zirga-zirga tsakaninsu, dillalai kuma suna waya da juna, don haka farashinsu tare yake hawa da sauka. Idan Yunin Giwa yana koyarwa, Yunin Dawanau yana gwaji, an sake ba da amsa. Da kwanan wata ake yanka, duk kasuwanni a lokaci ɗaya. Shi `TimeSeriesSplit` layuka yake ƙirgawa, bai san kwanan wata ba, saboda haka a irin wannan kundi sai a raba jerin watannin tukuna, sannan a ɗebo layukan kowane wata.

Ƙofa ta ƙarshe a hannun mai nazarin take. Ya gwada tsari, ya duba sakamakon 2020 zuwa 2023, ya gyara, ya sake gwadawa, ya yi ta maimaitawa har adadin ya yi kyau. Kwamfutar ba ta ga waɗannan shekaru ba, amma shi ya gan su, kuma zaɓinsa ya karkata gare su. Maganin shi ne a ware wani yanki na ƙarshe tun farko, a misalinmu a ce 2023, a yi duk zaɓe-zaɓe da shekarun da suka gabace shi, a buɗe shi sau ɗaya idan an gama. Abin da ya fito shi ake rubutawa, ko da bai yi daɗi ba.

Inda cakuɗawa ba ta da laifi

Adalci ne a faɗi cewa hanin ba na kowane hali ba ne. Idan aikin da kansa cike giɓi ne, misali an rasa farashin wasu watanni a tsohon kundi ana so a ƙiyasta su, to cire watanni ta ƙuri'a shi ne gwajin da ya dace, domin ya yi kama da aikin. Haka kuma a 2018 Christoph Bergmeir da Rob Hyndman da Bonsoo Koo sun nuna cewa gwajin da ba ya bin jerin lokaci na iya ba da sakamako ingantacce idan tsarin ya dogara ne da ƙimomin jerin na baya kaɗai, kuma kurakuransa ba su da alaƙa da juna. Wannan yana da amfani ga mai gajeren jeri, wanda yanka bisa lokaci ke cinye masa bayanai. Sai dai sharuɗɗan a misalinmu ba su cika ba. Hasashen wata uku da aka yi a Oktoba da wanda aka yi a Nuwamba sun haɗa watanni biyu a tsakaninsu, Disamba da Janairu, don haka abin da ya ba ɗaya mamaki zai ba ɗayan, kurakuransu a haɗe suke. Ga shi kuma halin kasuwar ya sauya a tsakiyar jerin.

Wanda aka kawo wa rahoto ba sai ya iya karanta lambar kwamfuta ba kafin ya gane. Ya nemi a nuna masa jerin watannin gwaji. Idan ya ga Maris 2015, Agusta 2018, Yuni 2021 a warwatse, an cakuɗa. Ya dubi kuskuren da aka rubuta, ya kwatanta da yadda farashi ke motsi daga wata zuwa wata: idan an ce hasashen wata uku yana kuskure ƙasa da motsin wata ɗaya, akwai abin bincike. Ya nemi kuskuren wata ɗaya, da na uku, da na shida a jere, domin a gwajin gaskiya na farashi yana ƙaruwa da nisa, wanda ya tsaya cik kuwa alama ce ta yoyo. Idan an nuna masa zane mai layi biyu da suka manne, ya matsa kusa ya duba ko layin hasashe yana juyawa ne kafin farashi ya juya, ko kuwa sai bayan wata uku yake biyo sahu, wanda ke nufin farashin yau kawai yake maimaitawa. Sannan ya nemi a yanke bayanan a Disambar 2022, a sake koyarwa a gabansa, a nuna masa abin da tsarin ya ce game da kowane wata na 2023, da abin da hasashen malalaci ya ce, a shafi ɗaya.